Abin da mayar da fassara ya kama, da abin da ya kuɓuce masa

A bara wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya ya kawo mini littafin bayanin wani injin tura ruwa mai aiki da lantarki, wanda aka rubuta da Larabci, domin in fassara shi zuwa Turanci saboda masu gyara. Da na gama, sai na ware shafukan gargaɗi da jadawalin kula da injin, na kai wa wani malamin Larabci a Tudun Wada ya mayar da su Larabci. Ban nuna masa asalin littafin ba, kuma na roƙe shi kada ya gyara mini komai, ya rubuta abin da Turancin ya faɗa ko da bai yi masa daɗin ji ba, domin gwanin da ke gyara kuskure a tafe yana ɓatar da sawun da ake bi.

Na jera asali da fassarata da tasa, ina gwada su jimla bayan jimla. Yawancin bambancin na zaɓin kalma ne kawai, ban tsaya a kansa ba. Wanda ya tsayar da ni yana cikin jadawali, inda littafin ya ce a wanke matatar ruwa "nisfu shahri", wato duk rabin wata. Ni kuwa na rubuta "bimonthly", malam ya mayar da ita "kulla shahraini", duk wata biyu. Bai yi kuskure ba, don kalmar tana ɗaukar ma'anonin biyu, amma mai gyaran da ya fahimce ta kamar malam zai bar matatar ruwan kwana 60 maimakon 15, a wurin da ruwan rijiya ke zuwa da yashi. Na cire kalmar, na rubuta adadin kwanakin ƙarara.

Kuskuren da ya fi wannan girma kuwa ya wuce ba tare da ko alama ba. Larabci yana kiran injin mai shan fetur da mai aiki da lantarki "muharrik", Turancin masu gyara kuma ya raba su. Na rubuta "engine" a inda ya kamata in ce "motor", malam ya mayar da ita "muharrik", sai jimlarsa ta dace da asali daidai wa daida, na wuce hankalina kwance. Wani mai naɗin waya ne ya karanta shafin ya ce mini, "Malam, wannan injin naka ina tankin mansa?"

Tun daga ranar, idan kalmar Larabci ɗaya tana da takwarori biyu a Turanci, ba na dogara da dacewar rubutun biyu. Ina tsamo irin waɗannan kalmomi tun kafin in fara, in ajiye su kusa da zanen sassan injin, in kai wa mai gyara ya nuna mini kowanne da yatsa.