Darasin ɗinki mai MB 720 da ɗalibai suka kasa ƙarasawa

Ni sana'ata ɗaukar bidiyo da editin, ina da ɗan shago a Kano, mu uku ne da yarana biyu, yawancin aikinmu tallan 'yan kasuwa ne sai kuma masu koyar da sana'a a waya. Akwai wata Hajiya tela da take koyar da mata ɗinki ta guruf ɗin WhatsApp, su biya kuɗin wata ita kuma tana tura musu darasi duk sati, ita ce ta kawo mana aikin da ya sa na canja yadda nake fitar da bidiyo gaba ɗaya.

Darasin farko yadda ake yanka hannun riga ne, minti 12. Mun ɗauka da kyau wallahi, na fitar da shi a 1080p, na tura mata a matsayin Document dan kar WhatsApp ya matse shi ya lalata mana aiki, ita ma haka ta tura wa ɗalibanta. Bayan kwana huɗu ta kira ni ranta ba daɗi, ta ce "Malam, matan nan fa ba su kalla ba, na ba su aikin gida a ƙarshen bidiyon amma in ban da 'yan tsiraru babu wadda ta san da shi." Na ce Hajiya ki turo min abin da suke faɗa a guruf ɗin. Da na karanta babu ko mutum ɗaya da ta ce darasin bai yi ba, abin da suke ta rubutawa shi ne "Anti ya yi nauyi", "datata ta ƙare yana rabi", "sai dare zan gwada in na yi sub ɗin dare", wata kuma ta ce ya sauka amma wayarta ta cika sai da ta goge hotunan bikin ƙanwarta. Wannan ta ƙarshen ta tsaya min a rai sosai.

Sai na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Nauyin bidiyo ba daga rezulushan kaɗai yake zuwa ba, daga bitiret yake zuwa, wato yawan datar da kowane sakan ɗaya na bidiyon yake ci, sai dai duk sanda ka ɗaga rezulushan dole bitiret ya bi shi sama in ba haka ba hoton ya farfashe. Lissafin ba wuya: 1 Mbps yana cin MB 7.5 a minti ɗaya. Ni na fitar da nawa a 8 Mbps, wanda shi ne abin da YouTube suke ba da shawara ga mai ɗora 1080p, kaga MB 60 kenan duk minti, sau 12 ya zama MB 720. Matar da ta sayi 1GB tana so ya kai ta ƙarshen wata, darasi ɗaya ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu, kuma darasi huɗu ne a wata. Ga shi tun farkon 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari mutane suka ƙara tsantseni da data, kuma WhatsApp yana nuna maka nauyin fayil kafin ka taɓa shi, to mace ta ga 720 MB a rubuce ai ba za ta ma danna ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne 1080p ɗin ma yawancinsu ba za su gan shi ba ko da sun sauke. Ƙananan wayoyin Itel da Tecno da Infinix da suka cika hannun mutanenmu da yawansu sikirin ɗinsu 720 ne a faɗi, wato mun sa su biyan kuɗin kyan da wayarsu ba za ta iya nuna musu ba.

Toh sai muka sake fitar da darasin. Na mayar da shi 480 a faɗi tunda a tsaye muka ɗauka, na sa masa iyaka kar bitiret ya wuce 800k, wato 0.8 Mbps, murya kuma na mayar da ita layi ɗaya a 64k dan magana ce kawai ba kiɗa ba, wannan bai kai rabin MB a minti ba. Da ffmpeg nake yi a kwamfuta, ga abin da nake rubutawa:

```
ffmpeg -i darasi.mp4 -vf scale=480:-2 -r 25 -c:v libx264 -crf 27 -preset slow -maxrate 800k -bufsize 1600k -c:a aac -ac 1 -b:a 64k -movflags +faststart darasi_480.mp4
```

Wanda bai saba da wannan ba HandBrake kyauta ne kuma yana yin aikin, ko a CapCut ma wajen fitarwa akwai inda za ka rage rezulushan da bitiret. Na tsaya a tsarin matse bidiyo na H.264 da gangan, H.265 ya fi rage nauyi gaskiya amma wasu tsofaffin wayoyi suna sarƙewa da shi ko su ƙi buɗewa, ni kuma ba na son Hajiya ta koma amsa ƙorafi. Minti 12 ɗin nan ya dawo wajen MB 70.

Amma da na buɗe shi a wayar yarona sai na ga wata matsalar. Fuskar Hajiya ta fito lafiya lau, muryarta tsaf, amma wajen da take nuna layin alli a kan atamfa da lambobin tef ɗin awo duk sun dagule, ba ka gane 14 ne ko 19. Darasin ɗinki kuma in ba a ga wannan ba me aka koya. Nan ne na gane matse fayil shi kaɗai ba zai yi ba, tun daga wajen ɗauka ake shirya bidiyo mara nauyi. Muka koma shagonta muka sake ɗauka, wannan karon kyamarar tana kan ƙafarta ba a hannu ba, saboda in hoto yana rawa kowane firem sabo ne a wajen mai matsewa, dole ya kashe data a kan bango da tebur da ba su da amfani, in kuwa kyamara tana tsaye cak to hannun Hajiya da almakashi ne kawai suke motsi, datar sai ta tafi can. Na roƙe ta ta ajiye atamfar ta ɗauko yadi mara zane mai haske, dan zanen atamfa ƙanana-ƙanana yana cin bitiret ba kaɗan ba kuma yana ɓoye layin alli. Muka matso da teburin bakin taga, saboda in wuri ya yi duhu kyamara tana kawo wannan ɗigo-ɗigon kamar yashi a hoto, shi ma data yake ci a banza. Sannan duk inda za ta nuna awo sai mu matso da kyamarar har tef ɗin ya cika sikirin, na kuma rubuta lambar da manyan baƙaƙe a ƙasa. Matsowa kusa ta yi mana abin da 1080p bai yi ba.

Sai tsayin. Na cire tambarin shagonmu mai juyawa da muke sawa a farko na sakan goma, na rage doguwar gaisuwa ta koma sallama da jimla ɗaya (Hajiya ba ta so ba da farko, ta ce rashin ladabi ne a fara ba a gaisa sosai ba, sai muka daidaita a kan ta yi gaisuwar da saƙon murya daban, kuma ina ganin tana da gaskiyarta), na cire inda take neman almakashi da inda ake jiran a kawo wuta. Ya dawo minti 9, na raba shi uku: awo, yanka, haɗawa. Kowanne minti 3, wajen MB 17. Amfanin rabawar shi ne in netwok ya yanke ko data ta ƙare mutum ya riga ya samu kashi ɗaya cikakke a hannunsa, gobe ya ɗauki na biyu, ba kamar da ba da fayil zai tsaya a rabi ba ka da komai.

Yadda muke gane an kalla har ƙarshe kuwa, WhatsApp ba zai faɗa maka ba, alamar an gani ba ta nufin an sauke balle an kalla. Shi ya sa aikin gida yake ƙarshen kashi na uku kuma ba a rubuta shi a guruf, duk wadda ta turo hoton hannun rigar da ta yanka mun san ta kai ƙarshe. Satin da muka tura sabon, kafin kwana biyu hotuna suka fara shigowa, har da matan da ba su taɓa cewa uffan ba a guruf ɗin.

Wani abu da nake so abokan sana'a su rarrabe, dan na ga wasu sun ji wannan labarin sun je suna ɗora 480p a YouTube da Facebook. A'a. Can ba fayil ɗinka ake ba mai kallo ba, su suke sake matse shi su fitar da kala-kala, 144p, 360p, 720p, wayar mutum ta zaɓi wanda netwok ɗinsa zai iya ɗauka ko shi ya zaɓi Data saver da kansa. In ka ba su wanda ka riga ka matse za su ƙara matse shi ne ya zama biyu babu. Can ka ɗora mai kyau, amma ka sani mutanenka da yawa a 360p za su gan shi, dan haka ka shiga Quality ka sa 360p a ƙaramar waya ka kalla da idonka, in rubutunka bai karantu ba to ka gyara. Kuma ka duba Audience retention a YouTube Studio, wato layin da yake nuna maka inda mutane suke daina kallon bidiyon. In layin ya faɗi warwas a sakannin farko to ka fara zargin buɗewarka, tambari da doguwar shimfiɗa, mai ƙirga MB ba ya jira. In kuma ya tafi lafiya sai ya faɗi daidai wajen da ake nuna wani ƙaramin abu, je ka kalli wajen a 360p, sau da yawa za ka tarar ba a ganin komai ne. Layin dai ba ya rubuta maka dalili, na data ne ko gajiya ce, sai ka haɗa da abin da mutane suke faɗa da bakinsu.

480 ɗin ma ba ko'ina yake isa ba. Da muka zo darasin ɗinkin hannu na bakin wuya, inda zare siriri ne kuma kalarsa ɗaya da yadin, duk matsowar da muka yi bai fito ba, dole wannan kashin na fitar da shi a 720 da iyakar 1500k, minti biyu da rabi ya kama kusan MB 30. Na ce wa Hajiya ta rubuta musu a sama cewa wannan ya ɗan fi nauyi saboda a ga zaren, mai so ta bari sai dare. Yanzu haka muke yi a kowane darasi, a gaban sunan fayil muna rubuta mintinsa da nauyinsa, asalin mai 1080p kuma yana nan a ajiye a had dis ɗin shago, duk ɗalibar da take kusa tana iya zuwa wajen Hajiya a tura mata ta Xender ba tare da ta kashe ko MB ɗaya ba.