Saƙo 4,000, amma takardar kuɗi ta ce 12,000

Aikin lissafin kuɗi gwargwadon amfani ya koya mini cewa yawancin rigima da kwastoma ba daga kuskuren tarawa take tasowa ba. Daga abu uku take: me ake ƙirgawa, yaya matakan farashi ke aiki, kuma a ina mafi ƙarancin kuɗin wata yake shigowa. Misali ɗaya zai nuna su duka.

A ce kamfanin tura saƙon tes ya tsara farashinsa haka: guda 10,000 na farko naira 4 kowanne, daga 10,001 zuwa 50,000 naira 3, kuma duk wata kwastoma ba zai biya ƙasa da naira 25,000 ba. Wata makaranta ta tura wa iyaye saƙo 4,000, kowanne mai harafi 150. A lissafin shugaban makarantar naira 16,000 ya kashe, don haka 25,000 zai biya. Sai ga takarda ta zo da naira 46,000.

Abin da ya faru shi ne, gutsure ake ƙirgawa, ba saƙo ba. Saƙon da duk haruffansa ke cikin jerin GSM-7, wato jerin haruffan da aka saba tura tes da su, yana ɗaukar harafi 160 a gutsure ɗaya. Amma ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya ya shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin haruffa da ake kira UCS-2, mai ɗaukar harafi 70 kacal, idan kuma ya wuce haka sai a yayyanka shi 67-67. Harafi 150 ya zama gutsure uku ke nan, saƙo 4,000 ya zama 12,000. Ba a cuci makarantar ba, amma ba a kyauta mata ba, domin kamata ya yi allon rubuta saƙo ya nuna adadin gutsure kafin a danna tura, takardar kuɗi kuma ta kawo adadin saƙo da na gutsure gefe da gefe.

To, 12,000 ɗin nan nawa ne kuɗinsu? Amsa biyu ce, kuma kowacce tana da hujja. A tsarin hawa-hawa, kowane mataki da farashinsa: 10,000 na farko naira 40,000, ragowar 2,000 naira 6,000, jimla 46,000. A tsarin dunƙule kuwa, matakin da ka kai shi ne farashin duka, wato 12,000 sau 3, naira 36,000. A Stripe, manhajar karɓar kuɗi ta intanet, ana zaɓar wannan da `tiers_mode`, ko `graduated` don hawa-hawa ko `volume` don dunƙule. Tazarar naira 10,000 tana rataye da wannan zaɓi, amma sau da yawa yarjejeniya ba ta faɗin wanne ake nufi, jadawalin farashi kawai take kawowa.

Ni na fi amincewa da hawa-hawa, saboda dunƙule yana da rami a bakin kowane mataki. Wanda ya tura 9,500 zai biya 38,000, wanda ya tura 10,001 zai biya 30,003. Hasali ma duk wanda ke tsakanin 7,501 da 10,000 ya fi mai 10,001 biya. Kwastoma mai wayo zai gane, ya riƙa tura saƙonnin banza a ƙarshen wata don ya tsallake iyaka. Alamarsa ita ce ka ga kwastomomi da yawa suna tsayawa da zarar sun ɗan wuce iyakar mataki wata bayan wata.

Mafi ƙarancin kuɗi kuma cikon giɓi ne, ba ƙari ba. Da makarantar ta cire haruffa masu lanƙwasa ta tsaya a 4,000, takarda layi biyu za ta nuna: amfani 16,000, ciko 9,000. Kuskuren da aka saba shi ne a shigar da 25,000 ɗin a matsayin kuɗin wata tsayayye, na'ura ta ɗora amfani a kai, a samu 41,000. Ana gano shi cikin sauƙi: a duba ko akwai kwastoman da amfaninsa ya wuce naira 25,000 amma har yanzu layin mafi ƙarancin kuɗi na fitowa a takardarsa.

Abin da ke zuwa farko a lissafi ma dole a rubuta shi a yarjejeniya. Idan an yi wa mai amfanin naira 26,000 rangwamen kashi 10 cikin ɗari, ya sauko 23,400. Idan an gwada mafi ƙaranci kafin rangwame, 23,400 zai biya. Idan bayan rangwame ne, 25,000. Haka wanda ya shigo ranar 16 ga wata mai kwana 30: ko a raba mafi ƙarancin ya zama 12,500, ko a karɓi cikakke. Idan an raba, sai a faɗa ko iyakar matakin farko ita ma ta koma 5,000, domin masu rubuta manhaja za su zaɓi ɗaya da kansu idan ba a gaya musu ba, kuma kwastoma ba zai sani ba sai takarda ta iso hannunsa.