Layi na 14 a Rahoton Miƙa Aiki

Rahoton farko da na rubuta na gwajin wuta kafin miƙa gini, alamar maki kawai na jera a ciki tun daga sama har ƙasa. Ginin kwanan ɗalibai ne mai hawa biyu a bayan gari, yana da taransifomarsa, layukan wutarsa ashirin da huɗu. Kwana uku na yi ina yawo da mita ɗaki-ɗaki. Lambobin da na samu suna nan cikin ɗan littafina na aljihu, amma da na zo cike takardar sai na ga ai mai gini ba lamba yake so ba, so yake ya ji komai lafiya. Na kai wa Injiniya da yamma ina jin kaina. Ya buɗe shafi biyu, ya turo mini abina.

"Kai, wannan makin om nawa ne?"

Na ce, "Yallabai, duk sun wuce."

Ya ce in ɗauko littafin in kwafe kowace lamba a gurbinta, in rubuta haddin da ƙa'ida ta yanka a gefenta, sannan mu yi magana. A wajen kwafar ne layi na 14 ya tona mini asiri.

Layin nan shi ke kai wuta ga babbar hitar ruwan zafi a ɗakin wanki, can ƙarshen fili, tafiyar kebul kusan mita sittin. A zane, birekar da aka rubuta masa B32 ce. Da masu haɗa akwatin raba wuta suka je kasuwa ba su samu ba, sai suka ɗauko C32 suka ɗaura. Na lura da hakan, na kuma rubuta shi, amma a jerin ƙananan gyare-gyare, tsakanin murfin soket da ya tsage da makunnin da ya karkace. A tunanina amfiya talatin da biyu ai talatin da biyu ce.

Ashe harafin nan shi ne maganar gaba ɗaya. Idan wayar wuta ta taɓa jikin ƙarfen hita, wutar za ta bi wayar ƙasa ta koma taransifoma, kuma ƙarfin wannan wutar ne zai fizge birekar ta faɗi. A layi irin wannan ana so ta faɗi cikin sakan 0.4, kafin mai wanki ya taɓa ƙarfen da jiƙaƙƙen hannu. Bireka mai harafin B ana da tabbacin faɗuwarta nan take idan wuta ta kai ninki biyar na lambarta, wato amfiya 160. Mai harafin C kuwa sai ninki goma, amfiya 320. Abin da na auna a ƙarshen layin, wato turjiyar hanyar da wutar za ta bi ta koma taransifoma, wadda mita ke nunawa da sunan Zs, om 0.92 ne. Idan ka raba bolt 230 da 0.92, amfiya 250 za ka samu. Ya ishi B har da rara, bai kai abin da C ke nema ba. A teburin BS 7671, littafin ƙa'idojin haɗa wuta na Birtaniya, haddin B32 om 1.37 ne, na C32 kuma 0.68, kuma da yake waya a sanyi muke aunawa, kashi tamanin cikin ɗari na haddin muke ɗauka, wato wajen 1.10 da 0.55. Ni da na B na gwada lambata, domin shi ne a zane, na buga maki na wuce. Birekar da ke cikin akwatin kuwa C ce.

Abin tsoron shi ne babu mai ganewa da ido. Hita za ta yi zafi, ruwa zai tafasa, mai gini zai yi murna, a shekara ana amfani da ita lafiya. Sai ranar da robar waya ta narke a ciki, birekar ta tsaya tana jan ƙafa, jikin hitar kuwa ɗauke da wuta.

Daren nan Injiniya ya raba mini abin da nake cakuɗawa. Gyaran da ya rage shi ne aikin da aka yi bisa zane amma bai kammala ba, ko ya sami ɗan lahani: murfi, lakabin bireka, fitilar da ba ta kama ba. Wannan ana rubuta wurinsa, da wanda zai gyara, da ranar da zai gama, a miƙa gini a haka idan babu hatsari. Saɓa wa zane kuwa daban ne. Duk inda abin da ke bango ya bambanta da abin da ke takarda, shafinsa daban, kuma sai an faɗi abin da zane ya ce, abin da aka saka, dalili, abin da canjin ya taɓa, da wanda ya amince ya sa hannu. Tambayar "me ya taɓa" ita ce na tsallake. Da na yi ta, da tun ranar farko na koma tebur.

Mun sa an nemo B32 an canja, tunda hita ba ta fizgar wuta wajen tashi kamar injin famfo. Da injin ne, da wataƙila B ta riƙa faɗuwa ba dalili, sai dai a ƙara kaurin wayar ƙasa ko a sa RCD, na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ƙasa. Na so in goge tsohon layin in rubuta sabo tsaf, ya hana. Sakamakon farko ya zauna da kalmar "bai wuce ba", na biyu ya zo ƙarƙashinsa da kwanan watansa. Na ji haushi a lokacin, domin gani nake kurena aka kafa a allo.

Kwafar lambobin ta sake fito da wani. A gwajin robar waya, wanda ake yi da bolt 500 bayan an kashe wuta an cire kaya, kusan kowane layi mita ta nuna sama da megaom 999. Na fitilun waje kaɗai ya ba da megaom 1.8. Haddi megaom 1 ne, saboda haka ya wuce, kuma makinsa iri ɗaya ne da na sauran. Amma sabuwar waya fil ba ta da dalilin zama a 1.8 alhali 'yan'uwanta sun ƙure mita. Muka bi layin akwati-akwati, muka tarar da guda a jikin katanga da aka bari ba a toshe bakinsa ba, ruwan Agusta ya kwanta a ciki har ya taɓa mahaɗa.

Rigimar ƙarshe a kan janareta aka yi ta. Ba a kawo shi ba tukuna, mai gini kuma yana so a rufe takarda domin ɗalibai na dawowa, mu ma kuɗinmu na ƙarshe a kanta yake rataye. Ya kira ni gefe ya ce, "Ƙanena, ai abu ɗaya ne, wuta wuta ce, ka cike mana kawai." Ba ɗaya ba ne. Janareta ba ya iya turo wutar da taransifoma ke turowa idan waya ta taɓa ƙarfe, don haka layin da ya wuce a kan wutar gari yana iya kasawa a kansa, kuma na 14 da ke can nesa shi ne na fara zargi. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, abin da ban auna ba ba zan sa masa lamba ba." A gurbin na rubuta: ba a gwada ba, janareta bai iso ba, kada a haɗa shi da ginin sai an auna. Injiniya ya sa hannu a ƙasa, Alhaji ya sa nasa yana ƙunƙuni.

Bayan mako biyar janaretan ya iso. Na ɗauki mita da kwafin rahoton, na wuce kai tsaye ɗakin wanki.