Lissafin TVA a kantin kayan gini: abin da na karɓa, abin da na biya, da ragowar da ake kai wa gwamnati

Kantina yana Garuwa, kuma abin da nake sayarwa shi ne siminti da kwanon rufi da rodi da fenti da ƙusa, wato kayan da magini yake buƙata tun daga tona harsashi har zuwa kafa ƙofa. A hannun baffana na koyi wannan sana'a, ina yaron kanti mai sauke buhu daga mota. Shi ya koya mini in gane kaurin kwano da ɗan yatsa kafin in duba hatimin da ke jikinsa, kuma shi ya nuna mini yadda ake jera siminti a kan katako don kada danshin damina ya daskarar da shi. Abu ɗaya ne bai koya mini ba, domin cinikinsa bai kai matakin da zai shiga ciki ba, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, wanda ake rubutawa TVA a ƙasan faktir, takardar shaidar ciniki. Wannan da kaina na koye shi, kuma sai da na yi asara kafin ya zauna mini.

A Kamaru an fara karɓar wannan haraji a shekarar 1999, kuma adadinsa kashi 19.25 cikin ɗari ne: kashi 17.5 shi ne asalin harajin, sai a ɗora ushirinsa a kai a matsayin kason ƙananan hukumomi. Ba kowane mai kanti ne yake da izinin karɓarsa ba, sai wanda cinikinsa na shekara ya kai sefa miliyan 50 ya shiga tsarin da takardun haraji suke kira réel. Ranar da kantina ya shiga wannan tsari na yi murna ƙwarai, domin na ga kuɗin da ke shiga aljihun tebur ya ƙaru. A watan farko na kwashe su duka na ƙaro rodi, ina ganin kasuwa ce ta buɗe. Da ranar 15 ga wata mai bi ta gabato, wadda ita ce ranar ƙarshe ta kai bayanin wata da biyan kuɗin, sai kwantabul ɗina, wato akanta, ya ajiye mini lissafi a gaba, na duba aljihun tebur na ga wayam. Sai da na je wurin baffa na ranto. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne: “Ɗana, kuɗin da ka karɓa da sunan hukuma ajiya ce, ba jari ba ne.”

Tushen lissafin ba shi da wuya. Idan na sayo kaya daga dillali mai rajista, yakan ɗora mini harajin a kan farashi, in biya. Wannan shi ne harajin saye. Idan na sayar, ni ma ina ɗora wa mai saye, in karɓa. Wannan shi ne harajin sayarwa. A ƙarshen wata ana cire na saye daga na sayarwa, ragowar ita ce ta gwamnati. A ce na sayo bandir ɗin kwano a kan sefa 100,000 kafin haraji, wato abin da faktir yake kira HT. Zan biya 119,250. Na sayar da shi a kan 120,000, mai saye zai ba ni 143,100, wanda shi ne TTC, wato farashi da haraji a haɗe, kuma a ciki 23,100 haraji ne. Da na cire 19,250 da na riga na biya, saura 3,850, kuma wannan daidai yake da kashi 19.25 na ribar 20,000 da na ɗora. Ashe harajin da ke bi ta hannuna na abin da na ƙara wa kaya ne kawai, nauyin duka kuwa yana kan wanda ya rufa ɗakinsa da kwanon.

Ga yadda wani watan Maris ya kasance mini, lokacin da zafi ya yi tsanani kuma kowa yana gaggawar gama gini kafin ruwa ya sauka. Abin da ya shiga ta hanyar ciniki gaba ɗaya sefa 9,540,000 ne, da haraji a ciki. A nan ne masu sabon shiga suke yin kuskuren farko: sai su ɗauki kashi 19.25 na wannan jimla, su sami 1,836,450, alhali harajin yana cikin jimlar tun farko. Hanyar da ta dace ita ce a raba jimlar da 1.1925, a sami 8,000,000 a matsayin ciniki tsantsa, abin da ya rage kuma, 1,540,000, shi ne harajin da na karɓa. Wanda ya bi hanyar farko ya ƙara wa kansa kusan dubu ɗari uku a banza. Alamar gane kuskuren mai sauƙi ce, domin idan aka haɗa ciniki tsantsa da haraji dole su dawo daidai da kuɗin da masu saye suka biya.

A ɓangaren saye, na kawo siminti na 4,000,000 da harajin 770,000, sai kwano da rodi na 2,000,000 da harajin 385,000. Duka biyun ta banki na biya, kuma faktir ɗinsu cikakke ne: akwai sunan mai sayarwa da lambarsa ta mai biyan haraji, wato NIU, akwai sunana da tawa lambar, an rubuta farashi daban, haraji daban. Sun haɗu 1,155,000. Akwai kuma fenti na 400,000 da na biya masa harajin 77,000, amma wannan bai shiga lissafi ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Direban dillalin ya iso da yamma, ya ce maigidansa yana son tsabar kuɗi don ya sallami lebura, ni kuma na ƙirga na ba shi saboda sanayya. Doka kuwa ta ce cinikin da ya kai 100,000 idan aka biya shi da tsabar kuɗi, ba a cire harajinsa, ko da faktir ɗin yana da kyau. Saboda haka na cire 1,155,000 daga 1,540,000, na biya 385,000, maimakon 308,000 da zan biya da na tura kuɗin fentin ta banki. Wannan 77,000 ta koma cikin kuɗin sayen fenti, ta cinye ribarsa ƙurmus.

Tun daga lokacin ba na karɓar kaya sai na karanta faktir a tsaye, motar tana jira, kuma kafin in fara hulɗa da sabon dillali sai na sa kwantabul ya duba ko lambarsa tana cikin jerin masu biyan haraji da hukuma take fitarwa. Akwai dillalan da za su rubuto maka takarda da biro, jimla ɗaya tak, su ce “haraji yana ciki, Alhaji”. Irin wannan takarda ba ta ba ni damar cire ko sefa ɗaya. Haka kuma ba kowane kashe kuɗi ake cirewa ba: kuɗin masauki da na abinci idan na je Duwala sayen kaya ba sa shiga, ko da an rubuta haraji a jikin takardarsu.

Abin da ya fi yawan jawo mini musu a bakin kanti shi ne mai saye ya ce in cire masa TVA tunda ba ya buƙatar takarda. Nakan gaya masa cewa ba nawa ba ne balle in yafe. Sai ya ce a wancan layin an fi sauƙi. To, a duba lissafin da kyau. Ƙaramin mai kanti da bai kai miliyan 50 ba, ba ya karɓar haraji, amma kuma ba ya cire wanda ya biya. Bandir ɗin nan ya tsaya masa 119,250, idan ya ɗora ribar 20,000 irin tawa zai sayar 139,250. Tsakaninsa da ni 3,850 ne kacal. Idan aka ga wani ya sauko da dubu ashirin ko talatin, to ba haraji ne ya yafe ba, ko dai kayan sun shigo ta bayan gida babu takarda, ko kuma kwanon sirara ne wanda iskar farkon damina za ta nannaɗe kamar tabarma. Na sha ganin mutum ya bar kantina ya tafi can, bayan shekara biyu ya dawo neman kwanon gyara. Ɗan kwangilar da yake cikin tsarin réel kuwa ya san inda ribarsa take, domin 23,100 da ya biya ni zai cire ta a nasa lissafin, kwanon ya tsaya masa 120,000, ƙasa da farashin wanda ba ya ba da faktir.

Bashi ma yana da nasa tarko. A cinikin kaya, haraji yana hawa kaina ne tun ranar da na miƙa kayan, ba ranar da aka biya ni ba. Idan na ba magini siminti a ƙarshen wata ya ce sai mai gidan ya aiko, ni zan fitar da harajin daga aljihuna kafin 15 ga wata, shi kuwa yana iya kai wata uku yana yi mini “gobe in Allah ya yarda”.

Wani lokaci kuma lissafin yakan juya, harajin saye ya fi na sayarwa. Haka ta faru a wani watan Mayu da na cika sito kafin hanya ta lalace: na sayo kaya na 10,000,000 da harajin 1,925,000, na sayar da na 6,000,000 da harajin 1,155,000. Na kai bayanin wata kamar kullum, domin ko babu abin biya dole ne a kai shi, kuma ya nuna ina bin hukuma 770,000. Yaron kantina ya tambaye ni yaushe za a turo mana kuɗin, na yi dariya. Mai kanti irina ba a mayar masa da tsabar kuɗi don kawai ya tara kaya. Ana ɗaukar rarar a kai ta wata na gaba. A watan Yuni na karɓi harajin 1,540,000, na biya 577,500 a kan sayayyar 3,000,000, ragowar 962,500, da aka cire rarar Mayu sai na biya 192,500 kawai. Mayar da kuɗi a hannu an tanade shi ne ga wasu rukunoni, kamar masu fitar da kaya waje, waɗanda harajin sayarwarsu sifiri ne amma suna cire na saye, da masana'antun da suka zuba jari mai yawa, da waɗanda rararsu ta taru saboda ana riƙe musu haraji tun daga tushe.

Wannan na ƙarshen ya taɓa shafata, lokacin da na kai wa wata ma'aikatar gwamnati rodi da siminti. Ba ta biya ni harajin ba, ta riƙe shi don ta kai da kanta, ni kuma sai da takardar shaidar riƙewa zan iya nuna cewa an riga an biya. Na yi sawu huɗu kafin takardar ta fito, kuma yanzu tana cikin jakar da nake ajiye faktir na kowane wata, na saye a gefen dama, na sayarwa a gefen hagu, tare da takardar banki a maƙale da kowanne.