Ba Laifi Ba Maki Ba Ne

Otal ɗin da nake aiki a Misfala, nan Makka, yana auna ma'aikata da matakai 5: mumtaz, jayyid jiddan, jayyid, maƙbul, la'if. Bara wani ɗan'uwanmu ne ya yi wa Hausawan sashen shara tafinta da baki, kuma saboda kunya duk wanda ya samu maƙbul sai ya ce masa "aikinka ba laifi". Har yau abin yana ci mini rai. Maƙbul maki 2 ne cikin 5, kuma a otal ɗinmu mai 2 ba shi da ƙarin albashi. Wani dattijo ya sa hannu yana godiya, sai da aka yi albashi ya gane. A bakin Bahaushe "ba laifi" kusan yabo ne, to me zai gyara?

Da mudir, wato manaja, ya miƙo mini takardun bana in fassara, na ce lamba ce za ta riƙa zuwa gaba. Na rubuta "2 cikin 5: bai kai yadda ake so ba", sannan "3 cikin 5: ya cika abin da ake nema, bai wuce ba". Jayyid ma tarko ne, don in ka ce "da kyau" mutum zai ɗauka ya kusa ƙololuwa alhali yana tsakiya. Na bar kalmar Larabcin a gefen kowace lamba, tunda sashe na 9 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ce in an haɗa Larabci da wani harshe, Larabcin ne abin dogaro.

Wajen suka na fi daɗewa. A takardar dattijon nan mushrif, wato mai kula da aikinsu, ya rubuta cewa yana da rauni wajen kiyaye lokaci. In ka juya shi kai tsaye, "ba ka kiyaye lokaci" zai fito, ga wanda ya haife ka kuwa wannan zagi ne. Na koma wurin mushrif na tambaye shi sau nawa, kuma yaushe. Makara 6 ce, duk a Ramadan, bayan aikin dare. Sai na rubuta: "An samu makara sau 6 a Ramadan. Ana so a kama aiki ƙarfe 7, za a sake dubawa bayan wata 3." Na nuna wa mushrif kafin ta fita, don ba hurumina ba ne in ƙara ko in rage.

Da yawansu haihuwar nan ne, ba sa karanta boko, don haka karanta musu na yi, kowa shi kaɗai.

"Baba, makinku 2 ne cikin 5, kuma da 2 babu ƙari."

Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, da bara haka aka faɗa mini, da tuni na roƙi a canza mini lokacin aiki."

Ranar nan muka rubuta takardar roƙon, mushrif ya mayar da shi aikin rana.