Kalma ɗaya ta hana ni sayar da lemo

Yau da rana wani magidanci ya shigo gidan abincin da nake aiki da iyalinsa, su huɗu, na kawo musu abinci. Da na ga kofunansu sun kusa ƙarewa, sai na matso na ce, "Alhaji, ba za a ƙara lemo ba?" Nan take na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi yaran, ya dubi matarsa, ya ce a bari. Sai da na koma ciki na gane abin da na yi: tambayar da "ba" na fara ta, a gaban iyalinsa, kamar ina cewa ya gaza. In ya ce a kawo, tilasta shi na yi, in ya ƙi kuma ya ji kunya.

Teburin da ya biyo baya sai na sauya salo. Na bari har suka ci rabin abincin, na tsaya ta gefen wadda ta yi odar, na rage murya na ce, "Hajiya, wannan miyar tana da yaji, akwai lemo mai sanyi in ana so." Abu ɗaya kawai na ambata, da dalilinsa, na faɗi kuɗinsa tun ba ta tambaya ba, na yi shiru. Ta ce a'a, na ce to, na ɗauke farantin da aka gama da shi, ban sake tayar da maganar ba. Can anjima ita da kanta ta ɗaga hannu ta ce a kawo biyu. Har yanzu dai fuskar Alhajin nan nake gani.