Talata: "Mun gane, Malama"

Yau yara 112 suka zo ajina, aji huɗu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ni kuwa ina riƙe da ninki uku da ɗoriya. Na gaba suna kan benci huɗu-huɗu, na baya a ƙasa kan tabarma, gwiwa na gugar gwiwa.

Darasin lissafi ne, ɗebewa da aro. Na yi misali uku a allo, na juyo na ce, "Kun gane?" Ajin ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun gane, Malama!" har kwanon rufi yana amsawa. Da a da ne sai in wuce. Amma na daɗe ina zargin wannan amshi, don bakin yara ashirin na gaba ya isa ya cika ɗaki.

Sai na rubuta 52 − 27. Na ce kowa ya rubuta amsa da manyan lambobi a bayan littafinsa, kada wanda ya yi magana, idan na tafa sau uku a ɗaga sama. Na ratsa tsakiyar aji ina dubawa. Layukan gaba 25 suka rubuta. Daga tsakiya zuwa bango kuwa, 35 ce ta fi yawa. Gabana ya faɗi, amma aƙalla na ga inda cutar take: sun tarar 2 ba ta kai 7 ba, sai suka juya suka cire 2 daga 7 suka sami 5, sannan 2 daga 5 saura 3. Aron bai shige su ba sam.

Na tsuguna kusa da wani yaro da kullum nake tsawata wa kan surutu. Daga nan na kalli allon, wallahi hasken taga ya wanke rabinsa, ɗan layin da nake soke 5 in mayar da ita 4 ba ya ganuwa ko kaɗan. Ya ce, "Malama, ni tambayar na kusa da ni nake yi." Wata biyu ina ɗaukar wannan a matsayin rashin ji. Abin ya tsaya mini a rai har yanzu.

Bayan tara na raba su goma-goma, kowace ƙungiya da mai 25 guda a ciki, na ba su tsinken tsintsiya: ɗauri biyar na goma-goma da tsinke biyu. Sai sun kwance ɗauri ɗaya kafin su iya cire bakwai. Hayaniya ta yi yawa har malamin aji biyar ya leƙo, kuma ƙungiya uku ban kai gare su ba aka kaɗa ƙararrawa.

Gobe 'yan tabarma za su dawo gaba, kuma zan nemi kwali in toshe tagar nan. Da waɗancan ƙungiyoyi ukun zan fara, da 41 − 18.